Ciwon Toshewar Huhu: Yadda Ake Karanta Matakinsa, da Abin da Ya Rage a Hannun Mai Shi

Duk wanda ya zauna a Gombe ya san yadda tari ke yawa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Hazo ya sauka, ƙura ta tashi, masallaci ya cika da gyaran murya a sallar asuba. Mafi yawan wannan tari mura ce, tana wucewa da hunturu. Amma akwai wanda nasa ba ya wucewa. Ya shekara uku ko biyar yana tashi da kaki kowace safiya, kuma a hankali ya lura cewa tafiyar da yake yi daga gida zuwa kasuwa ba tare da tunani ba, yanzu sai ya tsaya a hanya ya dafa bango. A gida ana cewa asma ce, ko sanyi, ko kuma girma ne ya zo. A katin asibiti kuwa likita zai iya rubuta haruffa huɗu, COPD, wato ciwon toshewar hanyoyin iska na huhu wanda ba ya warkewa.

Abin da ke faruwa a ƙirji iri biyu ne, kuma galibi suna haɗuwa. Ƙananan bututun iska suna kumbura, su ƙuntata, su cika da majina. Su kuma 'yan jakunkunan iska da ke ƙarshen bututun, inda jini ke ɗaukar oksijin, bangonsu yana yagewa, su saki kamar tsohuwar roba. Shi ya sa shaƙar iska ba ta cika ba mai ciwon wahala kamar fitar da ita ba. Tsohuwar iska tana maƙalewa a ciki, sabuwa ta rasa wurin shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon ya kashe mutum kusan miliyan 3.5 a shekarar 2021. A ƙasashe masu arziki taba ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu shi, amma a ƙasashe irin namu kason taba bai wuce 30 zuwa 40 ba. Sauran na fitowa daga hayaƙin itace da gawayi a madafa marar taga, ƙurar wurin sana'a irin ta injin niƙa da sussukar hatsi, da tabon da tibi ya bari a huhu. Saboda haka tsohuwar da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba, amma ta yi shekara arba'in tana hura murhu, ita ma tana cikin lissafi.

Don bayanin ya zauna, mu bi misalin mutum ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A ce dattijo ne mai shekara 58, direban babbar mota da ke ɗaukar kaya daga Tudun Hatsi. Ya fara shan taba yana ɗan shekara 22, yana shan kara 15 a rana. Likita zai fara da lissafin yawan hayaƙin da ya wuce ta huhunsa: kwali ɗaya kara 20 ne, kara 15 kuwa kashi uku cikin huɗu na kwali, a ninka da shekara 36, ya ba da 27. Ke nan kamar ya yi shekara 27 yana ƙarar da kwali guda kowace rana. Wanda lissafinsa ya haura 10, kuma ya wuce shekara 40 yana tari da haki, ya cancanci a gwada shi.

Gwajin busa

Kafin komai, a ƙasarmu duk tarin da ya wuce mako biyu sai an kai kaki an duba tibi, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ba a sa mai tibin da ba a yi wa magani ba ya busa na'urar da wasu za su busa. Haka kuma ana ɗage gwajin ga wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, ko aka yi masa tiyatar ido, ƙirji ko ciki kwanan nan, ko yake tarin jini.

Hoton ƙirji ba ya tabbatar da wannan ciwo, sauraron ƙirji da abin kunne ma haka. Abin da ke tabbatar da shi na'ura ce mai suna sifirometa, kuma a Gombe wurin da ya dace a fara neman gwajin shi ne wajen likitocin ƙirji a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko a karɓi takardar turawa daga Asibitin Ƙwararru na jiha. Mutum zai zauna a miƙe, a matse masa hanci, ya cika ƙirjinsa da iska har iyaka, ya rufe leɓe a kan bakin bututu, sannan ya busa da dukan ƙarfinsa lokaci guda, ya ci gaba da busawa har iskar ta ƙare sarai. Ana maimaitawa aƙalla sau uku. Daga nan a ba shi salbutamol, shaƙa huɗu, maikirogiram 400 ke nan, a jira kamar minti 15, a sake busawa. Sakamakon bayan shaƙar magani shi ne abin dogaro.

A nan ne gwajin yake yawan lalacewa. Dattijo ya ji kunyar yin ƙoƙari a gaban yarinya ma'aikaciya, ya busa a hankali kamar mai hura shayi. Ko tari ya katse shi a daƙiƙar farko. Ko ya gaji ya saki tun iskar ba ta ƙare ba, wanda hakan kan ɓoye toshewar, takarda ta fito kamar lafiya lau. Alamar gwaji mai kyau ita ce busa biyu mafi kyau su yi kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce mililita 150. Ma'aikacin da ya san aikinsa za ka ji yana ɗaga murya yana cewa, “Baba, ci gaba, ci gaba, kar ka tsaya!” Ba rashin ladabi ba ne, aikin ke nan.

Lambobi biyu za a nema a takardar. FVC ita ce dukan iskar da mutum ya fitar. FEV1 ita ce wadda ya fitar a daƙiƙar farko kawai. Lafiyayyen huhu yana watso mafi yawan iskarsa a wannan daƙiƙa ɗaya, toshasshe kuwa sai ya yi ta tsiyayar da ita. Idan aka raba FEV1 da FVC aka sami ƙasa da 0.7 bayan shaƙar magani, toshewa ta tabbata. Direbanmu ya fitar da lita 2.9 gaba ɗaya, amma lita 1.45 kaɗai a daƙiƙar farko. Rabon ya ba da 0.5. Da asma ce zalla, da galibi salbutamol ya buɗe bututun lambar ta koma kusa da daidai. Tasa ba ta koma ba.

Sai batun mataki. Na'urar tana kwatanta FEV1 na mutum da abin da ake sa ran lafiyayye mai shekarunsa da tsawonsa da jinsinsa zai busa. Tsarin da likitocin duniya ke bi, wanda ake kira GOLD kuma rahotonsa na farko ya fito a 2001, ya kasa abin huɗu. Wanda ya busa kashi 80 cikin ɗari ko sama yana mataki na 1. Daga 50 zuwa 79 mataki na 2 ne, daga 30 zuwa 49 na 3, ƙasa da 30 kuwa na 4. A ce an sa ran direbanmu zai busa lita 3.0, ya busa 1.45. Kashi 48 ke nan, mataki na 3.

Iyali da yawa suna jin “mataki na uku” sai gabansu ya faɗi, domin sun saba jin irin wannan magana a ciwon daji. Lissafin daban ne. Wannan lamba faɗin bututu kawai take aunawa. Za ka ga mutum biyu a mataki ɗaya, ɗaya yana zuwa gona, ɗayan ba ya iya zuwa bayi sai an riƙe shi. Shi ya sa tun 2011 aka ƙara wasu tambayoyi biyu, kuma su ne ke yanke irin maganin da za a bayar.

Ta farko: haki ya kai ina? Akwai ma'auni daga 0 zuwa 4 da ake rubutawa mMRC. Wanda sai ya yi sauri ko ya hau tudu yake haki yana kan 1. Wanda sa'o'insa ke barinsa a baya a hanyar masallaci, ko yake tsayawa ya huta a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yana kan 2. Wanda ba ya iya mita 100 sai ya tsaya yana kan 3, wanda sa riga ma ke sa shi haki yana kan 4. Ta biyu: sau nawa ciwon ya tashi a shekarar da ta wuce? Tashin ciwo shi ne kwanakin da haki ya ƙaru, kaki ya yawaita ko ya koma ruwan ɗorawa ko kore, har sai da aka ƙara magani. A tsarin 2023, mai ɗan haki wanda ciwonsa bai cika tashi ba yana rukunin A. Mai haki daga 2 zuwa sama yana B. Wanda ciwonsa ya tashi sau biyu a shekara, ko sau ɗaya amma har aka kwantar da shi, yana E, komai ƙanƙantar hakinsa. Direbanmu yana kan 2, kuma an kwantar da shi kwana huɗu a hunturun bara. Katinsa zai nuna GOLD 3, rukunin E. Za a ba shi abin shaƙa mai dogon aiki wanda ya haɗa magunguna biyu masu buɗe bututu, a duba jininsa a ga ko zai amfana da ƙarin na uku.

Ga wani abu a gefe da bai kamata a wuce shi ba. Mutane da yawa suna gudun inhela, wai wanda ya fara ba ya bari, amma sun yarda su sayi firedinisolon ko desametason a kemis su yi ta sha wata da watanni. Wannan juya lissafi ne. Idan ciwo ya tashi, kwana biyar kawai ake shan firedinisolon. Wanda ya mayar da shi abincin yau da gobe yana sayen ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi, kuma yana narkar da naman cinyar da za mu ga yanzu cewa shi ne jarinsa.

Taba

Babu inhelar da aka tabbatar tana rage saurin lalacewar huhu kamar yadda barin taba ke yi. Tun 1977 wasu masana biyu, Fletcher da Peto, suka wallafa binciken da suka yi a kan ma'aikata maza a Landan na tsawon shekara takwas. Sun nuna cewa huhun kowa yana raguwa da shekaru, amma na wasu masu shan taba yana gangarawa da sauri, kuma idan suka bari, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai gangarar ta koma kusa da ta sauran mutane. Wani babban bincike a Amurka da Kanada, mai mutum kusan 5,900, ya sa wa abin lamba: masu ci gaba da sha suna asarar kamar mililita 62 na FEV1 a shekara, waɗanda suka bari kuwa kamar 31. Mutanen binciken ciwonsu bai kai na direbanmu ba, amma a ɗora lissafin a kansa don a ga girman abin. Idan ya ci gaba, bayan shekara biyar lita 1.45 ta koma kusan 1.14. Idan ya bari, tana wajen 1.3. Ga mai huhu cikakke wannan bambanci ba komai ba ne. Ga wanda ke rayuwa da rabin huhu, yana iya zama tazarar da ke tsakanin zuwa masallaci da yin salla a gado.

Ragewa daga kara 15 zuwa biyar ba ta wadatarwa, domin mai ragewa yakan zuƙi kowane kara ya kai shi can ƙasa ba tare da ya sani ba. Komawa shisha ma canjin tukunya ne kawai, hayaƙi na nan har da na gawayi. Abin da ke aiki shi ne a sa rana cikin mako biyu masu zuwa, a faɗa wa iyali, a kwashe kwali da ashana daga aljihu da gaban mota. Sai mutum ya zauna ya lissafa lokutan da hannunsa ke zuwa aljihu da kansa. Na direba sanannu ne: bayan shayin safe, lokacin jiran lodi, da tuƙin dare idan barci ya fara zuwa. Kowane ɗaya sai an tanadar masa abin maye, ko asuwaki, ko ruwa, ko sauka a zaga mota. Ƙishirwar taba tana zuwa ne kamar guguwa, minti kaɗan ta wuce. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi zafi, da faɗa da rashin barci da ciwon kai, kuma yawanci abin yana lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Tari kan ɗan ƙaru a makonnin farko, saboda bututu sun fara share kansu. A nan wasu ke cewa barin tabar ne ya tayar musu da ciwo, su koma. Azumi dama ce babba, tunda mutum ya riga ya jure daga asuba zuwa magariba, abin da ya rage shi ne kada kara ya biyo bayan dabino.

Magani yana ƙara damar cin nasara sosai, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko a kan haka, inda ta amince da nikotin na maye gurbi, da bareniklin, da bufurofiyon, da sitisin. Nikotin shi ke kama mutum, amma hayaƙin ne ke cin huhu, don haka ana ba shi nikotin ba hayaƙi, a janye a hankali. Mai shan sama da kara 10 a rana yakan fara da filasta mai miligiram 21 da ake mannawa a fata kowace safiya har mako shida, sannan 14 na mako biyu, sannan 7 na mako biyu. Cingam ɗin nikotin kuwa ba a tauna shi kamar na yara. A tauna kaɗan har a ji yaji, a ajiye shi a kumatu, in yajin ya tafi a sake taunawa. Bufurofiyon bai dace da mai farfaɗiya ba. Wanda kuma yake shan aminofilin ko tiyofilin lallai ya gaya wa likita ranar da ya bar taba, domin maganin zai fara taruwa a jininsa, yana iya buƙatar ragi.

Ita kuwa uwar gida da hayaƙin murhu ya kama, nata barin tabar shi ne fitar da girki waje ko buɗe wa madafa taga, amfani da busasshen itace, komawa gas in da hali, da miƙa wa wata aikin hura wuta.

Gyaran numfashi da motsa jiki

Mai haki yana gudun tafiya. Ya zauna wata uku, naman cinyarsa ya zube. Raunannen nama kuwa yana saurin gajiya, yana tilasta wa ƙirji ƙarin numfashi a kan ɗan aiki kaɗan, sai hakin ya ƙaru, zaman ya ƙaru. Mu kuma da tausayinmu muke ƙara masa: “Baba, zauna kawai, bari a kawo maka.” Gyaran numfashi an tsara shi ne don warware wannan ƙulli. Ba ya taɓa lambar FEV1. Ƙafa yake gyarawa, har ta iya aiki da ɗan iskar da ake da ita, kuma amfaninsa a kan haki da ƙarfin tafiya yana cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa a wannan fanni. Duk mai rukunin B ko E ya kamata ya shiga, wanda aka sallama daga asibiti kuma ya fara cikin mako huɗu.

Shirin yana ɗaukar mako shida zuwa takwas, ana zuwa sau biyu a mako wajen ma'aikacin fisiyo, wato sashen da mutane ke kira wajen gashi, sauran kwanaki a yi a gida. Ana farawa da awo. A auna mita 30 a baranda mai shimfiɗa, mutum ya yi ta kai da komo iya ƙoƙarinsa na minti shida, in ya gaji ya tsaya amma agogo na tafiya, da ɗan abin auna oksijin a yatsarsa. A ce direbanmu ya yi mita 300, wato mita 50 a minti. Ana ɗora atisayen a kan kamar kashi 80 na wannan sauri, mita 40 a minti ke nan. Makon farko zai yi mita 400 cikin minti 10. In bai iya a jere ba, ya yi minti biyu ya huta ɗaya har ta cika. Kowane mako a ƙara minti biyu ko uku, har ya kai minti 20 zuwa 30, aƙalla kwana biyar a mako.

Ta yaya zai san ya yi daidai? Ya kamata ya ji haki sosai amma yana iya amsa gaisuwa a gajarce. Wanda ke tafiya yana hira doguwa bai kai ba, wanda ko “lafiya lau” ba ta fita ya wuce gona da iri. Wannan haki ba ya cutar da huhu, kuma fahimtar haka rabin maganin ne. Abin da ke sa a tsaya nan take shi ne ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya marar tsari, leɓe ya yi duhu, ko oksijin ya sauka ƙasa da iyakar da likita ya sa, galibi wajen 88. Ranar zazzaɓi ko canjin launin kaki ranar asibiti ce, a ajiye atisaye.

Kayan aiki ba su da tsada. Kujera mai ƙarfi: a tashi a zauna sau takwas zuwa goma, a huta, a maimaita sau biyu ko uku. Dakali ko matakala ɗaya: a hau a sauka. Robar ruwa mai lita ɗaya kilo ɗaya ce, a riƙe ɗaya a kowane hannu a ɗaga zuwa kafaɗa, kwana biyu ko uku a mako. Ƙa'idar ita ce a fitar da numfashi lokacin da ake yunƙuri, kada a riƙe shi. Sai kuma dabarar leɓe, wadda za a koya tun ranar farko: a shaƙa ta hanci ana ƙirga biyu, a tsuke baki kamar mai hura kunu mai zafi, a fitar a hankali ana ƙirga huɗu. Tsukewar tana hana ƙananan bututu rufewa kafin tsohuwar iska ta fita. Idan haki ya taso a hanya, a jingina, a ɗan sunkuya gaba, a ɗora hannu a gwiwa ko a bango, a yi wannan numfashi har ya lafa.

Gari ma yana da nasa sharaɗi. Unguwannin Gombe da yawa akwai hawa da gangara, don haka a fara a tsakar gida ko a layi mai shimfiɗa, a bar tudu sai mako na huɗu ko biyar. Da hunturu a guji sanyin asuba da ranar da hazo ya rufe gari, a yi tafiyar da hantsi, ko a cikin zaure. A Maris da Afrilu kuwa zafi ne abokin gaba, sai a koma sassafe ko bayan la'asar. Bakin titi mai cike da hayaƙin babura da Keke ba wurin atisaye ba ne. Wanda ya rame kuma ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, da wake da gyaɗa da ƙwai da nono, domin cikakken ciki yana danne numfashi.

Bayan mako takwas a koma barandar nan a sake awo. Ƙarin mita 30 shi ne mafi ƙanƙantar canjin da ake ɗauka mai ma'ana. Idan direbanmu ya tashi daga 300 zuwa 350, zai ji shi a jikinsa, alhali in ya sake busa na'ura kashi 48 ɗin nan zai gani ko kusa da shi. Kada wannan ya karya masa gwiwa. Sai dai ribar ba ta ajiyuwa: wanda ya koma tabarma, cikin wata shida zuwa shekara za ta zube.

Idan akwai irin wannan dattijo a gidanku, ku raka shi asibiti da dukan magungunan da yake sha a leda, har da na kemis, ku sa ya shaƙi inhelarsa a gaban likita a ga ko yana yi daidai. Kafin ku fito, ku tabbatar an rubuta muku abu uku a takarda: lambar FEV1 da matakinta, rukuninsa, da mita nawa ya yi a minti shida.